Kwana Uku a Ƙarƙashin Buhu: Yadda Kalwa Ke Zama Daddawa

Wanda ya taɓa gwada tauna ɗanyar kalwa ya san cewa ba abinci ba ce. Baƙar ƙwaya ce mai tauri kamar tsakuwa, ba ƙamshi, ba ɗanɗano, in ban da ɗan bauri. Yara kan tsotse garin ɗorawa su tofar da ita, ko su haɗiye ta ta fita yadda ta shiga. Amma wannan ƙwayar ce, bayan wuta da turmi da kwana uku a lulluɓe, take zama abin da ɗan gutsurensa ke ta da tukunyar miyar kuka gaba ɗaya, har maƙwabta su san abin da aka ɗora.

Na zauna na ga aikin tun daga farko har ƙarshe a wajen goggona, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, inda itatuwan ɗorawa ke tsaye a tsakiyar gonaki kuma kowace da mai ita. Ta shekara fiye da yawan shekaruna tana yin daddawa. Ba ta taɓa jin kalmar furotin ba, amma duk matakin da take bi, da na koma na duba abin da masana suka gano, sai na tarar yana da dalili a cikin ƙwayar.

Wuta da turmi

Goggo ta ɗora tiya biyu ta kalwa bayan la'asar, a babbar tukunya, ruwa ya sha kanta sosai. Aka tura manyan itatuwa, wutar ta kwana tana ci, ana ƙara ruwa in ya ja baya. Dafuwar farko kan ɗauki awa 12 zuwa 24, gwargwadon tsufan kalwar da ƙarfin wuta. Wannan ne ya sa daddawa ke cin itace fiye da yawancin sana'o'in mata na cikin gida, kuma shi ne kaso mai tsoka na kuɗin da mai saye ke biya.

Da hantsi ta ciro ƙwaya ɗaya ta matsa tsakanin yatsu biyu. Ɓawon ya zame, ƙwayar ta rabu gida biyu. Sai aka juye a turmi, aka barbaɗa ɗan yashi, aka shiga surfe a hankali, ba da ƙarfin dakan hatsi ba, don ɓawo ake son cirewa, ba a son ƙwayar ta dagargaje. Wasu toka suke sawa maimakon yashi. Daga nan sai wanki, wanda shi ne mafi cin rai: ruwa bayan ruwa, ana murzawa a kwando, baƙin ɓawo na tasowa ana tsiyaye shi, ana tsince ƙwayoyin da suka ƙi dahuwa. Abin da ya rage a masaki ya fito fes, launin ƙasa-ƙasa mai haske, kamar gyaɗar da aka ɓare.

Kafin a ce an rufe komai, an riga an yi rabin aikin sauƙaƙa narkewar kalwa, kuma wannan rabin ba na ruɓawa ba ne. Akwai sinadarin bauri, irin wanda ke cikin goro da bagaruwa, wanda masana ke kira tanin. Halinsa shi ne ya manne wa furotin ya hana hanji cin moriyarsa, kuma mafi yawansa a ɓawo yake zaune, don haka surfe da wanki suka tafi da shi. Akwai kuma wasu ƙananan furotin da dangin wake duka ke ɗauke da su, waɗanda ke toshe aikin tirifsin, ɗaya daga cikin sinadaran da hanji ke yanka furotin da su. Waɗannan zafi ne maganinsu, kuma kwana guda a kan wuta ya fi ƙarfin yawancinsu. Sau da yawa akan jingina wa ruɓawa duk wani alherin daddawa, alhali murhu da taɓarya suna da nasu kason.

Sai dafuwa ta biyu, gajeriya, awa ɗaya zuwa biyu. A nan Goggo ta jefa ɗan gutsuren kanwa. Kanwa na sassauta abin da ke riƙe da naman ƙwayar, kamar yadda take yi wa wake, tana kuma kawar da ɗan tsamin da ke ciki. Ta tsane kalwar a kwando tun tana tururi, ta shimfiɗa ganye a wani faffaɗan kwando, ta baza ta a kai, kaurin bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta yi barbaɗen toka sama-sama, ta rufe da ganye, ta ɗora buhun algarara biyu da wani tsohon bargo, ta tura kwandon lungun ɗakin girki.

Na ce, "Goggo, ba za ki bari ta huce ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, in ta huce kafin a rufe ta, ai an yi asarar itace."

Wanda ke aiki a cikin duhu

Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne, an dafa abu har sau biyu, a zato wuta ta kashe duk wata ƙwayar halitta da ke jikinsa, to wa zai ruɓar da shi? Ba a zuba yis ba kamar burodi, ba a zuba tsohon nono ba kamar kindirmo.

Amsar ita ce wata bakteriya mai suna Basilus sabtilis, da 'yan uwanta na kusa. A 1981 Farfesa Odunfa na Jami'ar Ibadan ya wallafa binciken da ya nuna cewa wannan dangin ne ke jan ragamar ruɓar kalwa, kuma binciken da aka yi daga baya a Burkina Faso da Ghana da Jamhuriyar Benin ya tarar da su ɗin dai. Bakteriyar tana zaune a ƙasa, a ƙura, a jikin ganye, a saƙar kwando da zaren buhu. Dabararta ita ce, idan rayuwa ta yi tsanani sai ta dunƙule cikin wani ƙoƙo mai tauri ta yi barci, kuma a wannan hali tafasar ruwa ba ta cika kashe ta ba. Saboda haka dafuwar nan tankaɗe ce: ta kawar da kishiyoyi, ta bar fili ga mai jure zafi. Rufe kalwa da zafinta kuwa yana hana waɗanda ba sa son zafi samun gindin zama kafin Basilus ta farka. Tsohon kwandon da aka saba yi a ciki, da buhun da ba a raba shi da aikin, su ne makwafin tsohon nono. Shi ya sa masu daddawa ba sa son ba da aron kayan aikinsu, kuma sabon kwando kan ba da daddawa mai jinkirin nuna.

Ita wannan bakteriyar ce ke yin natto a Japan da kinema a Nepal, duka daga waken suya. Kalwarmu kuwa Yarbawa na kiran abin da suke yi da ita iru, a Mali da Burkina Faso sumbala, a Senegal netetu. Sunan itaciyar a littattafan Turawa ma yana da alaƙa da ƙasarmu: Robert Brown ya raɗa wa danginta suna don tunawa da Mungo Park a 1826, a rataye na littafin tafiyar Denham da Clapperton, Clapperton ɗin nan da ya zo Kano da Sakkwato a 1824.

Washegari da safe Goggo ta cusa hannu ƙarƙashin bargon ba tare da ta buɗe ba, ta ce in taɓa. Ɗumi ne kamar jikin mai zazzaɓi. Tun daren jiya zafin murhu ya fice, wannan na cikin kalwar ne. Bakteriya na cin abinci tana numfashi, kuma tarin ƙwayar kan kai digiri 45, wani lokaci ya doshi 50, kafin ya fara sauka. Numfashin nan shi ne dalilin da ya sa ake baza kalwa ba a tara ta tsibi ba, ake kuma rufe ta da abin da iska ke ratsawa. Basilus na son iska. Wannan darasin na koye shi da kuɗina, zan zo kansa.

Sarƙar da ake tsinkawa

Kalwar da aka surfe tana da furotin kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na busasshen nauyinta, ga mai, ga dangin sukari. Furotin kuwa a ɗauke shi kamar dogon carbi da aka cukuikuye, kowane ɗan carbi shi ne amino asid, kuma iri 20 ne ake jerawa a salo daban-daban. Matuƙar carbin na nan a haɗe, harshe ba ya jin ɗanɗanonsa, hanji ma ba ya iya tsotse shi sai ya tsinka shi tukuna.

Bakteriya ma haka take. Ba ta da baki, ba za ta iya shigar da doguwar sarƙa cikin jikinta ba. Sai ta fitar da wasu sinadaran yanka, waɗanda ake kira enzayim, su fita waje su daddatsa furotin ɗin kalwa gunduwa-gunduwa. Da farko manyan guntaye, sannan ƙanana masu 'ya'yan carbi biyu ko uku, daga ƙarshe amino asid ɗai-ɗai. Basilus gwana ce a wannan, har kamfanonin garin sabulu na kiwon danginta don samun enzayim mai cire tabon jini da na ƙwai daga tufafi. Tana kuma yanka fiye da abin da za ta iya ci. Rarar da ta bari ita ce rabonmu.

Ana ganin wannan da ido. A rana ta biyu da Goggo ta ɗaga gefen ganyen, ƙwayoyin sun yi duhu, wani fari-fari ya lulluɓe su, kuma da ta ɗago kaɗan sai ga zare-zaren yauƙi suna bin yatsunta kamar kuɓewa. Ƙwayar da jiya sai an tauna, yau tana narkewa tsakanin yatsu. Yauƙin nan bakteriyar ce ke saƙa shi, akasarinsa daga amino asid guda ɗaya, gulutamet, da take sake jerawa a sabuwar sarƙa irin tata. Mai daddawa in ta ga yauƙi hankalinta ya kwanta, don ta san ma'aikatan ƙwarai ne suka kama aiki.

A nan akwai wata magana da ake yawan yi wadda ke buƙatar gyara, wai ruɓawa na ƙara wa kalwa furotin. Gaskiya ne in aka auna daddawa a ɗakin gwaji akan ga kason furotin ya ɗara na dafaffiyar kalwa. Amma ba daga sama ya faɗo ba. A ɗauki misali don lissafi kawai: busasshiyar kalwa giram 100 mai furotin giram 35. Bakteriya ta cinye giram 15 na dangin sukari, ta mai da su zafi da ruwa da iskar da ta tashi. Saura giram 85, furotin na nan 35 ɗinsa, amma yanzu ya zama kashi 41 cikin ɗari. Kason mai ma haka yake hawa, shi ya sa daddawa ke da maiƙo a hannu. Abin da ya canja da gaske ba yawan furotin ba ne, siffarsa ce: amino asid da ke yawo a sake sun ninka sau da yawa, kuma babban ɓangare na abin da da ba ya narkewa a ruwa yanzu yana narkewa. Wannan ne ya sa daddawa ke bin ruwan miya ta ratsa ko'ina, ba ta zauna a gindin tukunya kamar tsakin wake ba.

Daɗi daga ina, wari daga ina

A cikin amino asid ɗin da aka saki, wanda ya fi yawa a kalwa shi ne gulutamet. Harshen ɗan Adam yana da wurin jin sa na musamman, dabam da na zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci. Wani masanin sinadarai na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya ware shi daga romon ciyawar teku a 1908, ya sa wa ɗanɗanon suna umami, kuma a shekarar da ta biyo aka fara sayar da shi a matsayin Ajinomoto. Farin magi ke nan da ke kan teburin kowane mai shago. Wato abin da ake awo a ƙulli a kasuwa, shi ne kakanninmu ke fitarwa daga kalwa ƙarƙashin buhu. Bahaushe bai ware masa suna ɗaya ba, sai dai ya ce miya ta yi garɗi, ko ta yi armashi, ko in babu shi ya ce ta yi salam.

Akwai wani sirri da masu girki suka sani a aikace. Daddawa ita kaɗai tana da daɗi, amma in ta haɗu da busasshen kifi ko ƙashin nama sai daɗin ya wuce jimillar su biyun. Dalili shi ne kifi da nama na ɗauke da wani sinadari, inosinet, wanda in ya haɗu da gulutamet a kan harshe yake ninka ƙarfinsa sau da dama. Miyar kuka mai daddawa da kan busasshen kifi guda ɗaya ba dabarar talauci kawai ba ce, haɗi ne da ya dace. Masu yin dunƙulen magi ma wannan haɗin suke kwaikwaya.

To in gulutamet ɗaya ne, me ya sa farin magi ba ya maye gurbin daddawa? Saboda shi murya ɗaya ce, ita kuwa taron jama'a ce. Ƙananan guntayen furotin da ba a gama tsinkawa ba suna ba miya kauri a baki da ɗanɗanon da ke daɗewa bayan an haɗiye. Wasunsu na da ɗan ɗaci, kuma kaɗan daga ɗacin nan yana gyara, ko da yake in aka buɗe daddawa tun ba ta gama nuna ba shi ne zai fi fitowa. Sannan ga ƙamshi, wanda farin magi ba shi da shi ko kaɗan.

Ƙamshin daddawa da warinta uwarsu ɗaya. Bayan bakteriya ta cinye sukarin da ke kusa, sai ta juya kan amino asid ɗin kansu tana ƙona su don samun ƙarfi. Kowane amino asid na da ɗan ɓangare mai naitirojin wanda ba ta buƙatar duka, sai ta ɓalle shi ta yar, ya fito a matsayin amoniya. Ita ce ke dukan hanci har ido ya kawo ruwa ranar buɗe kwando. Ita ce kuma ke juya kalwar daga ɓangaren tsami zuwa ɓangaren kanwa. A ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, dafaffiyar kalwa kan fara a wajen 6 zuwa 7 ta ƙare a 8 ko sama. Nan daddawa ta bambanta da nono da kamu da ƙullun waina, waɗanda duk tsami suke yi. Su sukari ne abincin ma'aikatansu, sakamakon kuma asid. Ita furotin ne, sakamakon kuma amoniya. Wannan yanayin na kanwa-kanwa yana korar ƙwayoyin cuta da dama, yana ƙara tausasa ƙwayar, yana kuma hanzarta baƙin da daddawa ke yi idan amino asid suka haɗu da ragowar sukari a rana. Baƙin da ya sa aka yi mata karin magana da manda ke nan.

Ragowar gangar jikin amino asid ɗin da aka ɓalle wa kai ba ta ɓacewa. Daga wasu, irin su liyusin, ake samun ƙananan asid masu warin zufa da tsohon cuku. Wannan ne warin da ke kama tufafi da akwati, wanda ya sa ɗalibi mai tafiya makarantar kwana ke naɗe yajin daddawarsa a leda uku. A gefe guda kuma ana samun wani dangin sinadarai, firazin, masu ƙamshin soyayyar gyaɗa da gasasshen kofi. A gyaɗa wuta ce ke haifar da su, a daddawa kuwa bakteriya na taimakawa wajen yin su ba tare da an gasa komai ba. Idan daddawa ta shiga tafasasshiyar miya, amoniya ce ke fara tashi ta bi tururi, saboda ba ta da nauyin zama. Ƙamshin gashi da garɗin gulutamet su suke saura. Shi ya sa ake daka ta da kayan miya a sa tun farko, ba a barbaɗa ta a ƙarshe ba, kuma shi ya sa miyar ba ta yin warin abin da aka jefa mata.

Ranar buɗewa

A safiya ta uku Goggo ta yaye bargon. Zafin ya sauka, warin ya cika ɗakin. Ta ɗebo kaɗan ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana a bakin harshe, ta ce ta yi. Aka baza a rana ta sha iska, aka kirɓa a turmi, aka mulmula aka fyaɗa 'yan faya-faye, aka jera a tabarma.

Duk gwanintar sana'ar tana cikin wannan hukunci na "ta yi". Bakteriya ba ta san an ƙoshi ba. In aka bar ta za ta ci gaba da ƙona amino asid, gulutamet ɗin da ake nema ya ragu, amoniya ta ƙaru, ƙwayar ta zama taɓo. Kowace amoniya da ta tashi sama, wani yanki ne na furotin ya tafi ba dawowa. Shanya ita ce birki: in ruwa ya fita, aikin ya tsaya. A kudu, inda ake son iru da danshinsa, gishiri ne ke yin wannan aikin. Kuma kwanakin ba a kafe suke ba. Da bazara kwana biyu kan isa, da hunturu sai a kai huɗu, a ƙara bargo, a matsar da kwandon kusa da murhu.

Ni da na koma birni na ce zan gwada, mudu ɗaya kacal. Dafuwa ta yi, surfe ya yi. Da na zo rufewa sai na ga kwando da tsohon buhu ba su yi mini tsabta ba, na zuba kalwar a bokitin roba, ban ma tsane ta sosai ba, na danna murfi. Bayan kwana uku na buɗe. Saman, kaurin yatsa ɗaya, ya ɗan yi yauƙi. Ƙasan kuwa na kwance cikin ruwa, ƙwayoyin jajir da taurinsu, ga wani wari mai tsami-tsami irin na kwata, wanda ba shi da dangantaka da warin daddawa. Na hana Basilus iska, na ba waɗanda ke rayuwa ba iska fili. Da na ba Goggo labari ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ko mutum aka rufe haka ai ba zai nuna ba.

Alamomin lalacewa ba su da wuyar ganewa in an san na ƙwarai. Tsami alama ce ta rashin iska ko yawan ruwa. Ƙwaya mai tauri ba yauƙi bayan kwana uku, ko dai sanyi ya kama ta ko dafuwa ba ta kai ba. Ɗoyi irin na mushe ko ruɓaɓɓen ƙwai, wannan zubarwa ake yi. Kore ko baƙin gashi-gashi a jikin busasshiyar daddawa fumfuna ce, daga shanyar da ba ta kai ba ko ajiya a wuri mai laima, abin da ya fi faruwa da damina. Akwai kuma haɗari ɗaya da hanci ba ya kamawa. Basilus sabtilis na da 'yar uwa, Basilus siriyus, wadda ita ma ke jure tafasa, kuma an sha samun ta a samfuran daddawar kasuwa a Afirka ta Yamma. Wasu nau'o'inta na fitar da dafin da ke sa amai, wanda dafa miya ba ya kashe shi. Abin da ke rage ta shi ne ruwan wanki mai tsabta, da saurin kama aikin ma'aikatan ƙwarai, da shanya a kan abu ba a ƙasa ba. Saboda wannan ne masu bincike suka daɗe suna gwada zaɓaɓɓen irin bakteriya da za a riƙa zubawa da gangan, kamar yadda Japanawa ke yi wa natto.

Abin da ciki ke samu

Kowa ya san abin da wake ke yi wa ciki. Masu laifin wasu nau'o'in sukari ne, rafinos da sitakiyos, waɗanda hanjin mutum ba shi da enzayim ɗin tsinka su. Sai su wuce har babban hanji, bakteriyar can ta cinye su ta cika mutum da iska. Kalwa na da su da yawa. Basilus kuwa tana da enzayim ɗin da muka rasa, kuma waɗannan sukarin na cikin abin da take fara ci tun ranar farko. Kafin a buɗe kwando mafi yawansu sun ƙare. Iskar da za ta kumbura ciki ta riga ta fita a lungun ɗakin girki.

Haka furotin. Aikin da tumbi da ƙaramin hanji za su yi na tsinka carbi an yi babban ɓangarensa a waje, abin da ya iso sai tsotsewa. Sinadarin fitet, wanda ke ƙulle ƙarfen jini da zinki ya hana jiki ɗauka, shi ma yana raguwa, ko da yake ba ya ƙarewa. Bitamin ribofilabin kuma yana ƙaruwa, don bakteriyar na ƙera shi. Sannan furotin ɗin kalwa na da wadatar laisin, amino asid ɗin da gero da dawa da masara suka gaza a kai, su kuma hatsin suna da metiyonin da kalwa ta gaza a kai. Tuwo da miyar daddawa, kowanne na toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Sai dai a nan ya kamata a yi lissafi, don ana yawan zuzuta daddawa har a kira ta naman talaka. A ce uwargida ta sa giram 10 a miyar mutum shida, wato kamar cokali ɗaya. In kashi 40 cikin ɗari furotin ne, giram 4 ke nan, kowa bai samu giram ɗaya cikakke ba. Baligi mai nauyin kilo 60 kuwa yana buƙatar kimanin giram 50 a rana. A wannan ma'auni daddawa kayan ɗanɗano ce, kuma sauƙin narkewarta ba zai canja lissafin abincin gida ba. Inda take fara yin nauyi shi ne gidajen karkara da ake zuba ta da hannu sake, sau biyu a rana, nama kuwa sai ranar kasuwa ko ranar suna. A can giram biyu ko uku na furotin mai laisin a kan tuwon dawa ba abin rainawa ba ne, musamman ga yara. Amfaninta mafi girma a ganina ma ba a cikin ta yake ba: tana sa a ci tuwo da ganye a ƙoshi, kuma tana ba da garɗi ba tare da tulin gishirin dunƙulen magi ba, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Daddawar Arewa busasshiya ba ta dogara da gishiri wajen ajiya, don haka mai hawan jini da ya rage dunƙule ya ƙara daddawa ya rage gishirin miyarsa, in dai bai mayar da shi da cokali ba.

Yau da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan daddawa na waken suya ne, ko gauraye. Dalilin a fili yake: waken suya na dahuwa cikin 'yan awoyi, ɓawonsa ba ya buƙatar kwana a wuta, ana noma shi duk shekara, ita kuwa ɗorawa sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma ana sare ta fiye da yadda ake dasawa. Bakteriyar ɗaya ce, tsinka furotin ɗin ma iri ɗaya ne, kuma ta fuskar gina jiki ta waken suya ba ta gaza ba. Bambancin a hanci yake: ƙwaya daban, mai daban, don haka ƙamshin da ke fitowa daban. Goggo kan gutsuri ɗan kaɗan a kasuwa ta murza a tafin hannu. In ta ga cikin ya yi haske, ƙamshin kuma bai kama hannu ba, sai ta mayar ta ce a ba ta ta kalwa, ko da ƙulli uku ne a kuɗin biyar.